CIWON ƘASHI MAI MUGUNYA: NA YARO DABAM, NA BABBA DABAM

A garuruwanmu na tsakiyar Jigawa, daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi yana tafiya da tsumma ɗaure a ƙwaurinsa, a ƙarƙashin tsumman kuwa akwai 'yar ƙofa da take tsiyayar da mugunya shekara da shekaru. Mukan ce gyambo ne ya ƙi warkewa, wasu ma su ce sammu ne. Sau da yawa gyambon ba a fata yake ba. Ƙashin ne ya kamu da cuta tun mutumin yana yaro, wani ɓangarensa ya mutu a ciki, ƙofar da muke gani kuwa mafitar mugunya ce kawai.

Likitoci suna kiran wannan ciwo ostiyomayelaitis, wato ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi da ɓargo sun yi mugunya. Sunan ɗaya ne ga yaro da babba, amma hanyar da cutar take bi ta shiga, da irin ƙwayar da take kawo ta, da hoton da yake nuna ta, da tsawon shan magani, duk sun sha bamban. Yaron da aka kai asibiti cikin kwanakin farko yakan warke sarai da maganin mako uku ko huɗu, sau da yawa ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba. Babba kuwa, ko yaron da aka makara da shi, sai an haɗa da tiyata da maganin mako shida ko fiye, kuma duk da haka ciwon yana iya dawowa. Abin da ya raba su shi ne ko ƙashin yana da rai har yanzu, ko kuwa wani ɓangarensa ya riga ya mutu.

Ta ina take shiga?

Ga yaro, cutar takan biyo jini ne. Ƙwayar cuta ta shiga jini daga maruru, ko ƙurjin da aka sosa, ko ciwon makogwaro, wani lokaci ma ba a ganin inda ta fito. Yawanci jiki yakan kashe ta ba wanda ya sani. Amma ƙashin yaro yana da wani lungu da na babba ba shi da shi. Kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi akwai faifan guringuntsi, inda ƙashin yake ƙara tsawo. Ƙananan jijiyoyin jini suna zuwa dab da faifan nan, su lanƙwasa su juya baya, jinin kuwa yana tafiya a hankali a wurin, kamar ruwan rafi a kwana inda yashi da ciyayi suke taruwa. Nan ƙwayar take samun wurin zama. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƙasan ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato sama da gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan, sai kuma saman cinya da saman dantse. Yara maza sun fi kamuwa, kimanin ninki biyu na mata, kuma wajen rabin masu ciwon ba su kai shekara biyar ba.

Ga babba, faifan nan ya riga ya rufe, saboda haka cutar takan shigo daga waje. A wajenmu hanyoyin uku ne sanannu. Akwai karayar da ƙashi ya huda fata, irin ta haɗarin babur ko mota, inda ƙasa da datti suka taɓa ƙashin tun a bakin titi. Akwai ƙarfen da aka sa wa ƙashi a tiyata, wanda ƙwayoyin cuta suke iya mannewa a kansa. Akwai kuma gyambon ƙafa na mai ciwon suga, wanda yake cin nama a hankali har ya kai ga ƙashi, mai shi bai ji zafi ba domin ƙafar ta daina ji. In kuwa cutar ta biyo jini ga babba, ba ta cika zuwa ƙafa ba, ƙashin baya take nufa. Dattijon da yake fama da ciwon baya a wuri ɗaya, wanda ba ya lafawa ko ya kwanta, yana tsananta da dare, ga zazzaɓi ko rama, bai kamata a ce masa gajiyar noma ce kawai ba.

Mu ƙidaya kwanakin tare

Bari mu ɗauki misali, domin a nan ne lissafin yake. A ce yaro ne ɗan shekara bakwai, nauyinsa kilo 20, a wani ƙauye a ƙasar Kiyawa. Ran Litinin ya faɗi wajen ƙwallo, ya tashi ya ci gaba da wasa. Ran Laraba da dare zazzaɓi ya rufe shi. Ran Alhamis ya ƙi taka ƙafar dama. Ba a ga kumburin kirki ba, amma in aka danna yatsa ɗaya a saman ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan, sai ya ƙwalla ihu.

Tarko biyu ne suke jiran iyayen wannan yaro. Na farko shi ne faɗuwar ran Litinin. Kowa zai ce targaɗe ne ko tsagewar ƙashi, a nufi wurin mai ɗori. Lalle yara da yawa masu wannan ciwo suna da labarin faɗuwa, amma wane yaro ne ba ya faɗuwa a mako? Targaɗe yana zafi tun daga lokacin da aka yi shi, yana raguwa kullum, kuma ba ya kawo zazzaɓi. Ciwon da ya fara bayan kwana biyu, yana ƙaruwa, ga jiki da zafi, ba aikin mai ɗori ba ne. Tarko na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Da damina ana iya gwada jinin yaron a ga maleriya, domin yaranmu da yawa suna ɗauke da ita, sai a ba da maganinta a ce shi ke nan. Maleriya tana sa ciwon jiki ko'ina, amma ba ta zaɓar wuri ɗaya a ƙashi ɗaya ta hana yaro taka ƙafa. Yana yiwuwa ƙwarai yaro ya kamu da biyun a lokaci guda.

Ga abin da yake faruwa a cikin ƙafar. Mugunya ta taru a cikin ɓargo, ƙashi kuwa ba ya buɗewa kamar nama, shi ya sa zafin ya yi tsanani. Cikin 'yan kwanaki sai ta ratsa ƙananan ƙofofin ƙashin ta fito ƙarƙashin tantanin da yake lulluɓe shi. Tantanin nan na yaro yana da kauri amma bai manne sosai ba, sai mugunyar ta ɗaga shi kamar yadda ake saɓule ɓawon rake. To, ta cikin tantanin nan ne bayan ƙashi yake samun jini. Mugunya ta toshe jini daga ciki, ta yanke shi daga waje, sai wannan ɓangare na ƙashin ya mutu. Daga baya jiki yakan gina sabon ƙashi ya kewaye mataccen kamar kube, ya bar ƙofofi inda mugunya take fita. Daga nan ciwon ya zama daɗaɗɗe.

Dalilin da ya sa muka daɗe a kan wannan shi ne, kowane magani, na sha ne ko na allura, jini ne yake kai shi inda ake bukata. Mataccen ƙashi ba jini a cikinsa. Ko an shekara ana shan magani ba zai shiga can ba, ƙwayoyin cuta suna zaune lafiya a maɓoyarsu. Sai likitan ƙashi ya buɗe ya cire shi.

Jarirai suna da nasu haɗarin. Kafin yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi, jijiyoyin jini suna ƙetare faifan guringuntsin, saboda haka mugunya tana iya faɗawa cikin gaɓa, musamman gaɓar ƙugu, ta lalata ta cikin kwanaki kaɗan. Jariri kuma ba lalle ne ya yi zazzaɓi ba. Abin da uwa za ta lura da shi shi ne ya daina motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, yana kuka in an taɓa wurin lokacin wanka ko goyo.

Hoton da yake cewa lafiya lau

A ce an yi sa'a an kawo yaronmu Babban Asibitin Dutse ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni ran Juma'a. Aka ɗauki hoton ƙashi, wato eksire, hoton ya fito tsaf. Nan ne iyaye da yawa suke sakin jiki. Amma eksire ba ya nuna ɓarna sai ƙashi ya zaizaye da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a wurin, wannan kuwa yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako uku. Hoton kwana na biyu ko na uku zai fito lafiya ko da mugunya tana taruwa. Amfaninsa a wannan lokaci shi ne a tabbatar ba karaya ba ce, ba kuma wani ƙari ba ne a ƙashin. Likitan da ya ce a kwantar da yaro a fara allura alhali hoto bai nuna kome ba, ya san abin da yake yi. Wanda ya jira hoto ya nuna ciwon, ya jira har ƙashin ya lalace.

Akwai na'urar da ta fi eksire amfani a kwanakin farko, kuma kowa ya san ta: sikanin da ake yi wa mata masu ciki. In aka ɗora ta a kan ƙwaurin yaro, tana iya nuna mugunyar da ta ɗaga tantani, ko ruwan da ya taru a gaɓar ƙugu, tun kafin eksire ya ga kome, har ta nuna wa likita inda zai soka allura ya zuƙo. Iyakarta ita ce ba ta ganin cikin ƙashin kansa. Wanda yake gani har cikin ɓargo tun kwanakin farko shi ne hoton MRI, sai dai yana da tsada, a manyan asibitoci irin na Kano ake samunsa, ƙaramin yaro kuma sai an sa shi barci kafin ya kwanta shiru a ciki. Ba a jinkirta maganin yaro domin jiran sa.

Ga babba lissafin ya juya. Shi yakan zo ne bayan makonni ko watanni, saboda haka eksire yakan nuna ɓarnar, da mataccen ƙashin, da ƙarfen da ya yi sako-sako. Ga mai gyambon suga akwai gwaji mai sauƙi: likita ya sa ɗan ƙarfe mai tsabta cikin gyambon, in ya ji ya taɓa ƙashi, to akwai zato mai ƙarfi cutar ta kai can. Ciwon ƙashin baya ne ya fi bukatar MRI, domin a ga ko mugunya tana danne laka, abin da yake iya shanye ƙafafu.

Wace ƙwaya ce?

A kowane shekaru, ƙwayar da ta fi kawo wannan ciwo ita ce sitafilokokus, wadda take zaune a fata da hancin mutane da yawa, ita ce kuma mai kawo maruru. Ga yaro yawanci ƙwaya iri ɗaya ce tak, shi ya sa likita yake iya fara magani nan take ba tare da jiran sakamako ba. Ga babba mai gyambon suga ko buɗaɗɗiyar karaya, sau da yawa iri biyu ne ko uku a haɗe, wasunsu kuma sun riga sun saba da magungunan da aka yi ta sha. Wanda ƙusa ta huda ta cikin takalmin roba yakan gamu da wata mai taurin kai da ake kira sudomonas. Ƙashin baya kuma, a ƙasarmu, dole a tuna da ƙwayar tarin fuka, wadda take cin ƙashin a hankali har baya ya yi doro.

Domin a san ƙwayar, ana ɗibar jini ko mugunya a reni ƙwayoyin a ɗakin gwaji. Ana so a ɗiba kafin a fara magani, domin kafso biyu ko uku na kemis sun isa su hana ƙwayar tsirowa a gwaji, alhali ba su kashe ta a ƙashi ba. Ga daɗaɗɗen ciwo kuma, mugunyar da aka shafo daga bakin ƙofa tana yaudara, domin ƙwayoyin fata sun cakuɗa da ita. Abin dogara shi ne ɗan guntun ƙashin da aka ɗebo daga ciki.

Dole mu tsaya a kan masu amosanin jini, wato sikila, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, ana haifar kimanin jarirai 150,000 da ciwon kowace shekara. Ƙashinsu yana da wuraren da jini ya taɓa toshewa, saifarsu kuma ba ta aiki sosai, saboda haka ƙwayar salmonela, 'yar'uwar mai kawo taifot, takan fito daga hanji ta zauna a ƙashinsu. Maganin da yake kashe sitafilokokus shi kaɗai ba ya taɓa ta, sai an haɗa da irin su seftiriyakson. Don haka uwa ta gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa yaron sikila ne, in kuma ba a taɓa gwada shi ba a gwada. Wahalar ita ce ciwon ƙashin da sikila ya saba tayarwa ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba, kuma suna kama da juna har likitoci ma sukan sha wuya. Na sabo yakan fara lafawa cikin 'yan kwanaki da ƙarin ruwa da maganin zafi. In zazzaɓi ya ƙi sauka, wuri ɗaya ya ci gaba da kumbura yana zafi, uwa kuma ta ce wannan bai yi kama da wanda ta sani ba, a saurare ta.

Mako nawa?

Mu koma kan yaronmu. Za a sa masa allura ta jijiya, alal misali kuloksasilin, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa shida. Ga mai kilo 20, miligiram 1,000 ke nan sau huɗu, wato 4,000 a yini. Mun kawo lissafin ne domin a kwatanta, ba domin wani ya gwada a gida ba. Kafson ampikuloks da aka saba saya a kemis yana da miligiram 250 na wannan magani. In ana ba yaro ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya sami 500, kashi ɗaya cikin takwas na abin da ƙashinsa yake bukata. Wannan ya isa ya rage zazzaɓi ya ruɗe iyaye, bai isa ya ceci ƙashin ba.

In magani ya kama, cikin kwana biyu zuwa huɗu zazzaɓi zai sauka, yaro ya fara cin abinci, ya yarda a taɓa ƙafar, gwajin jini na CRP, mai auna ƙarfin kumburi a jiki, shi ma ya fara sauka. Sai a mai da shi kan na sha, a sallame shi ya ƙarasa a gida, jimillar mako uku zuwa huɗu. Da can akan riƙe yara mako shida ana allura. Wani bincike da aka buga daga ƙasar Finlan a 2010, a kan yara 131, ya nuna cewa allurar kwana biyu zuwa huɗu da maganin sha, jimillar kwana 20, ta yi aiki daidai da ta kwana 30. Amma fa a lura, yaran nan an kawo su da wuri ne. Jariri sabon haihuwa, da mai sikila, da wanda aka makara da shi, nasu yakan kai mako huɗu zuwa shida ko ya wuce. In kuma bayan kwana biyu ko uku na allura zazzaɓi bai sauka ba, to ko dai mugunya ta taru sai an buɗe an fitar, ko kuwa ƙwayar ba ta jin wannan magani. Tiyata a wannan mataki ƙaramin aiki ne, kada iyaye su ɗauke yaro su gudu don sun ji sunanta. Sakiya da tsaga a gida kuwa ƙofa kawai suke buɗe wa sababbin ƙwayoyi.

Ga babba, mako shida shi ne ma'aunin da aka saba, kuma ana fara ƙidaya ne daga ranar da aka gama kankare mataccen ƙashi. A Faransa, binciken da aka buga a 2015 a kan masu ciwon ƙashin baya ya nuna mako shida ya wadatar kamar mako goma sha biyu, kimanin tara cikin goma suka warke a kowane rukuni. A Birtaniya kuma, binciken 2019 a kan mutum 1,054 ya nuna maganin sha da likita ya zaɓa da kyau yana aiki kamar allurar jijiya. Wannan labari ne mai daɗi ga manomin da ba zai iya barin gona ya kwanta asibiti wata ɗaya da rabi ba, muddin an yi aikin tiyatar da ya kamata. Mai gyambon suga da ba a cire masa ƙashin ba zai sha mako shida, in kuwa an cire ɓangaren da ya ruɓe gaba ɗaya, kwanaki kaɗan sun isa. Inda akwai ƙarfe a jiki lokacin yakan fi haka tsawo, sau da yawa kuma ciwon ba ya mutuwa sai ƙashi ya haɗe an cire ƙarfen. Tarin fuka na ƙashi shi ne mafi tsawo, wata tara zuwa shekara guda, sai dai maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Inda muka fi ganin magani yana yankewa shi ne mako na biyu. Yaro ya tashi yana gudu, kuɗi sun ƙare, sai a ce ai ya warke. Masu ziyarar marasa lafiya a ikilisiyoyinmu, musamman zumuntar mata, za su yi babban taimako in suka tambaya ranar da likita ya ce a daina, suka duba ko maganin da ya rage a gida zai kai ranar. Gudummawar mako biyun ƙarshe ta fi arha nesa da kuɗin zirga-zirga zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake kai waɗanda ciwonsu ya daɗe.

Bayan an gama magani, yaron da ciwon ya kama kusa da faifan girma yana bukatar a riƙa mai da shi ana auna ƙafafunsa har shekara guda ko fiye, domin ƙafar tana iya gajarta ko ta karkace yayin da yake girma. Shi kuma mai tsohuwar ƙofa a ƙwauri, ko ta rufe ba a cewa ta tafi, tana iya ɓallewa bayan shekaru. Har yanzu ana iya yi masa aiki a cire mataccen ƙashin. In kuwa bakin ƙofar da ta yi shekaru tana yoyo ya fara tsiro da nama, yana zubar da jini, ko warinsa ya sauya, a kai shi a yanki ɗan naman a gwada, domin irin wannan tsohon miki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji na fata.